Yadda Ake Tsamo Labari Daga Dogon Jawabin Ɗan Siyasa

Ranar Litinin, 29 ga Mayun 2023, Bola Ahmed Tinubu ya tsaya a dandalin Eagle Square na Abuja ya karanta jawabinsa na kama aiki. Ya fara da ambaton Allah, ya yaba wa Muhammadu Buhari, ya taɓo abokan takararsa da suka garzaya kotu, ya jero manufofin gwamnatinsa, ya yi maganar tsaro da noma da ayyukan yi. Sai da tafiya ta yi nisa sannan ya ce kasafin kuɗin da ya gada bai tanadi kuɗin tallafin man fetur ba, don haka tallafin mai ya tafi. Kafin dare ya yi, layuka sun kafu a gidajen mai, wasu gidajen ma sun ja ƙofa sun rufe.

Wakilin da ya bi jawabin nan daki-daki, ya fara rahotonsa daga inda shugaban ya fara, to sai mai karatu ya wuce sakin layi goma ko fiye kafin ya iske abin da ya sa bai samu mai ba a daren. Ka tuna cewa mai rubuta wa shugaba jawabi da kai ba aikinku ɗaya ba. Shi yana jera maganganu ne yadda za su yi wa maigidansa kyau: gaisuwa a gaba, yabo a tsakiya, magani mai ɗaci a naɗe cikin ganye. Kai kuwa za ka jera su ne gwargwadon yadda suka shafi mai sauraro. Tambayar da za ka riƙe tun daga ƙofar shiga har ka miƙa rahoto guda ɗaya ce: da mutumin nan ya gama magana, me ya canza, kuma a kan wa zai faɗa? Ga yadda ake bi a amsa ta.

Mataki na farko: san inda aka kwana kafin ka bar ofis

Ba za ka gane sabuwar magana ba sai ka san tsohuwa. Saboda haka aikin yana farawa ne kwana ɗaya kafin taro. Ɗauki takarda ka rubuta batutuwa uku ko huɗu da jama'a ke jiran ji daga bakin wannan mutum, kada su wuce haka. A ƙarƙashin kowane batu ka rubuta magana ta ƙarshe da hukuma ta yi a kansa, da ranar da ta yi ta, da adadin da ya shafe shi.

Wanda ya yi wannan shiri a jajibirin rantsar da Tinubu, ga abin da zai kasance a takardarsa a kan mai. Dokar masana'antar man fetur da Buhari ya sa wa hannu a Agustan 2021 ta buɗe hanyar barin kasuwa ta yi halinta. A farkon 2022 gwamnati ta ɗage cire tallafin da wata 18. Kasafin 2023 ya ware naira tiriliyan 3.36 don tallafi, amma na wata shida kawai, zuwa ƙarshen Yuni. A ƙarshen Afrilun 2023 ministar kuɗi, Zainab Ahmed, ta fito daga taron Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta ce an ga bai dace a cire shi a lokacin ba. Sannan manyan 'yan takara uku, Tinubu da Atiku Abubakar da Peter Obi, duk sun faɗa a lokacin yaƙin neman zaɓe cewa za su cire shi.

Dubi amfanin wannan takarda. Da ita a hannunka, ka san cewa aniyar cire tallafi ba sabon abu ba ne, kowa ya sha jin ta. Abin da ba a sani ba shi ne yaushe. Don haka da ka ji mutumin da aka rantsar mintuna kaɗan da suka wuce ya ce "ya tafi", ba "zai tafi" ba, kunnenka zai tashi nan take. Wanda bai yi shirin ba zai iya ɗaukar maganar tamkar maimaicin alƙawarin kamfe, ya wuce ta.

Mataki na biyu: karɓi rubutaccen jawabin, amma kada ka miƙa masa wuya

Da ka isa wurin, nemi kakakin mai jawabin ko ɗaya daga cikin masu taimaka masa kan yaɗa labarai ka karɓi kwafi. Wani lokaci ana rabawa a takarda, wani lokaci a turo ta waya. Idan an ce kada a fitar sai an gama karantawa, ka cika wannan alƙawari. Ka karanta shi da sauri tun ana gabatar da manyan baƙi, kuma ka fara daga kashi ɗaya cikin uku na ƙarshe, domin a nan aka fi ajiye sanarwa. A jawabin Goodluck Jonathan na 29 ga Mayun 2012, can wajen ƙarshe ya sanar da sauya sunan Jami'ar Legas zuwa na Moshood Abiola. Ɗalibai suka fito kan titi a ranar, kuma maganar ita ce ta danne duk abin da ya lissafa na ayyukan shekara guda.

To amma ga inda ƙafar mutane da yawa take zamewa. Da sun karɓi kwafi sai su ɗauka aiki ya ƙare, su fita waje hira, ko su koma ofis su fara rubutu. A kwafin jawabin Tinubu da aka raba, sashen mai yana cewa ne ana yaba wa gwamnati mai barin gado bisa shawarar janye tallafin sannu a hankali, domin masu kuɗi ya fi amfana, kuma za a karkata kuɗin zuwa gina ƙasa da ilimi da lafiya. Kalmomin da suka girgiza ƙasa, cewa tallafi ya tafi, ba sa cikin takardar. A kan mumbari ya ƙara su, kuma shi da kansa ya faɗi haka daga baya a birnin Faris, lokacin da ya gana da 'yan Najeriya mazauna Faransa.

Don haka ka zauna da kwafin a cinyarka da biro a hannu, kana bin sa layi-layi yana karantawa. Duk inda ya ƙara magana, rubuta ta a gefe kalma da kalma. Duk inda ya tsallake wani sakin layi, ka ja masa layi ka sa alamar tambaya. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne jawabin. Abin da ke takarda bai faɗa ba, in za ka kawo shi, sai ka bayyana cewa a rubutaccen kwafi yake, bai furta shi ba.

Ka kunna na'urar naɗar murya ko wayarka tun farko, kuma duk lokacin da ya faɗi abu mai nauyi ka leƙa ka rubuta mintin da ake ciki. Wanda ya taɓa zama a bayan mota yana jan muryar awa guda gaba da baya don neman jimla ɗaya, edita kuma yana ta bugo waya, ya san darajar wannan ƙaramar ɗabi'a.

Mataki na uku: rarrabe tsaba da ƙaiƙayi kana zaune

Ni dai yadda nake yi, ina raba shafin littafina biyu da layi daga sama zuwa ƙasa. Dama na rubuta abin da aka faɗa, hagu na sa alama. Alamomin uku ne kawai. Tauraro na nufin an yanke hukunci, ko an ba da umarni, ko an sanya rana. Da'ira na nufin adadi da zan bincika. Kibiya kuma na nufin maganar ta saɓa da abin da ke takardar da na zo da ita daga ofis. Duk abin da bai samu alama ko ɗaya ba, da wuya ya shiga rahoto.

Ka saurari aikatau da kyau, domin a nan bambancin yake. "Na ba da umarni", "na amince", "daga ranar kaza", "na sa hannu": waɗannan aiki ne, an riga an yi ko an ɗaure kai da lokaci. "Za mu duba", "muna da niyya", "za mu yi bakin ƙoƙarinmu": waɗannan buri ne. A jawabin Tinubu akwai burin haɓaka tattalin arziki da aƙalla kashi 6 cikin 100 a shekara, akwai alƙawarin ayyuka miliyan ɗaya a fannin fasahar zamani. Duka biyun da'ira za su samu, ba tauraro ba, domin ba wanda rayuwarsa za ta sauya washegari saboda su. Akwai kuma inda ya ce dole Babban Bankin Najeriya ya nufi farashin canji guda ɗaya, da inda ya ce za a sake duba tsarin sauya takardun naira wanda aka aiwatar da tsauri. Na canjin kuɗin ya cancanci tauraro na biyu, kuma lokaci ya gaskata haka: a tsakiyar Yuni bankin ya haɗe kasuwannin canjin, darajar naira ta faɗi ƙwarai.

Akwai tarkuna biyu da suke kama har tsofaffin hannu. Na farko tafi. Inda zaure ya kaure da tafi ba lallai nan labari yake ba, domin mafi yawan waɗanda ke zaune magoya baya ne da 'yan gayyata. Sau da yawa sanarwa mai nauyi takan wuce shiru, mutane suna duba waya. Na biyu kuma magana mai daɗin baki. Ranar 29 ga Mayun 2015 Buhari ya ce shi na kowa ne kuma ba na kowa ba ne, maganar ta zaga duniya, har gobe ana tuna ta. Amma a cikin jawabin nan ne ya ce za a mayar da cibiyar ba da umarnin yaƙi da Boko Haram daga Abuja zuwa Maiduguri, ta zauna can har sai an murƙushe ƙungiyar. Ga mutumin Borno da Yobe da Adamawa, da dangin sojan da ke bakin daga, wannan shi ne labarin. Kyakkyawar magana tana da gurbinta: ka sa ta a sakin layi na uku, ko ka yanko muryarta. Hukunci kuwa shi ke hawa sama.

Wani lokaci labarin yana cikin abin da aka yi shiru a kansa. Ranar 22 ga Oktoban 2020 Buhari ya yi wa ƙasa jawabi kan zanga-zangar EndSARS, kwana biyu bayan harbe-harben da aka yi a mashigar Lekki a Legas, kuma bai ambaci Lekki ba. Kafafe da yawa da wannan suka buɗe rahotonsu, kuma sun yi daidai, tun da abin da kowa ya kasa kunne ya ji ke nan. Sai dai wannan hanya tana da iyaka. Ba kowane shiru ne labari ba, sai wanda jama'a suka zuba ido a kansa a fili. Kuma ka rubuta "bai ambaci" kawai. "Ya ƙi", "ya yi biris", "ya kauce" duk fassarar zuciyar mutum ce, ba ka shiga cikinta ba.

Mataki na huɗu: gwada labarin da baki kafin ka rubuta

Da an tashi, kada ka buɗe kwamfuta tukuna. Dubi taurarinka, zaɓi ɗaya. Sannan ka ɗauka mai shayin bakin layinku ne ya tare ka ya ce, "Malam, me shugaban ya ce?" Ba za ka ce masa ya ambaci Allah ya yaba wa wanda ya gada ba. Cewa za ka yi, "Ya ce an daina biyan tallafin mai." Abin da ya fara fita daga bakinka, kusan kullum shi ne layin farko na rahotonka. Idan ka kasa faɗar sa cikin numfashi ɗaya, ba ka gama tantancewa ba, koma kan littafin.

In taurari biyu suka yi kunnen doki, ka auna su da abubuwa uku: mutum nawa abin ya shafa, yaushe za su ji a jikinsu, kuma mai maganar yana da ikon aiwatarwa ko sai ya bi ta majalisa ko kotu. Tallafin mai ya rinjayi canjin kuɗi a ranar saboda ya taɓa ɗan acaba da mai injin niƙa da manomin rani a dare ɗaya. Jaridar da ke yi wa 'yan kasuwa da bankuna rubutu tana iya fifita canjin kuɗin, kuma ba ta yi kuskure ba. Masu karatunka su ne ma'auni.

Mataki na biyar: gina rahoton

Ga irin buɗewar da editoci ke gani kullum:

"Shugaba Bola Tinubu ya yi kira ga 'yan Najeriya da su haɗa kai domin ciyar da ƙasa gaba. Shugaban ya yi wannan kira ne a jawabin da ya gabatar jim kaɗan bayan rantsar da shi a Abuja."

Babu ƙarya a ciki, amma kana iya cire sunan ka sa na kowane shugaba tun 1960, jimlar ba za ta motsa ba. Wannan shi ne gwajin da za ka riƙa yi wa kanka. Duk sanda ka ga layinka na farko yana ɗauke da "ya yi kira", "ya jaddada", "ya buƙaci a ci gaba da haƙuri", ko "ya taɓo batutuwa da dama", to labarin yana can ƙasa ka binne shi. Ga yadda ya kamata ta kasance:

"Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare a Najeriya, domin kasafin kuɗin da ya gada bai tanadar masa kuɗi ba. Ya faɗi haka ne yau Litinin a Abuja, mintuna bayan an rantsar da shi, sai dai bai faɗi ranar da sabon farashi zai fara aiki ba."

Lura da rabin jimlar ƙarshe. Faɗin abin da mai jawabi bai fayyace ba hidima ce ga mai karatu, kuma kariya ce gare ka. A wannan lamari giɓin yana da girma, domin kasafin ya ɗauki tallafi har ƙarshen Yuni, shugaban kuma ya yi magana kamar an riga an gama. Washegari ofishin yaɗa labaransa ya fito yana cewa ba nan take ake nufi ba. Amma ranar Laraba, 31 ga Mayu, kamfanin NNPC ya sauya farashi a gidajen mansa, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa 488 a Legas, 537 a Abuja, 557 a Maiduguri. Wakilin da ya rubuta abin da aka faɗa, ya kuma nuna abin da ba a faɗa ba, rahotonsa ya tsaya daram a duk kwanakin ukun.

Bayan buɗewa, sakin layi na biyu ya kawo kalaman mai jawabin kansa a kan batun, gajeru. Na uku ya kawo tushe, wato abin da ke takardar da ka shirya jiya: kasafin wata shida, ɗagewar da aka sha yi, farashin da ake sayarwa yanzu. Na huɗu ya kawo abin da ya biyo baya ko martanin wanda abin ya shafa, ƙungiyar ƙwadago ko dillalan mai ko direban da ka tarar a layi. Sai tauraro na biyu ya samu sakin layi ɗaya ko biyu. Ragowar jawabin, tsaro da noma da hulɗa da ƙasashen waje, ka tattara su a taƙaice a ƙasa, inda edita zai iya datsewa ba tare da ya illata labarin ba. Kada ka ji nauyin zubar da kashi takwas cikin goma na abin da aka faɗa. Mai son cikakken jawabi a buga masa shi daban.

A rediyo lissafin ya fi tsauri. Rahoton minti ɗaya kalmomi ne kimanin 150, muryar da za ka yanko kuma kada ta wuce daƙiƙa 20. Batu ɗaya kawai zai shiga, da ɗan ambaton na biyu a ƙarshe. Mai sauraro ba ya iya komawa baya, don haka ka maimaita ainihin hukuncin sau biyu, a farko da bayan murya.

Mataki na shida: kula da fassara, domin a nan ake canza wa mutum magana

Yawancin jawaban nan da Turanci ake yin su a Najeriya, ko da Faransanci a Nijar, mu kuma da Hausa za mu kai wa jama'a. Gaggawa takan sa mai fassara ya ƙara wa magana gishirin da babu shi. Tinubu ya ce za a sake duba tsarin sauya takardun naira, kuma kafin nan gwamnatinsa za ta ɗauki tsofaffi da sababbi duka a matsayin halastattu. Wanda ya rubuta "ya soke sabbin kuɗi" ya yi ƙarya, kuma ƙaryar za ta iya hana mai tumatur karɓar kuɗin da ke hannun mai saye. "Zai duba" daban, "ya dakatar" daban, "ya soke" daban.

Haka kalmomin jingina magana. "Ya ce" ita ce mafi aminci, kuma ba laifi ta maimaitu sau biyar. "Ya bayyana" da "ya tabbatar" suna nuna kai ma ka yarda abin gaskiya ne, don haka kada ka ɗora su a kan adadin da ba ka bincika ba. "Ya yi iƙirari" kuma tana nuna kana shakka. In gwamna ya ce ya gina ajujuwa dubu, ka rubuta "ya ce", sannan ka nemi takardar kasafi ko ka tambayi ma'aikatar ilimi. Da'irorin da ka zana a littafinka jerin wayoyin da za ka buga ne kafin ka miƙa aiki. Miliyan da biliyan da tiriliyan kuwa, ka koma kan murya ka ji da kunnenka sau biyu, domin a kunne harafi ɗaya ne ya raba miliyan da biliyan, a kuɗi kuma ninki dubu ne.

In jawabin ya zo babu komai a cikinsa

Wannan yana faruwa sosai, musamman a jawaban sallah da na sabuwar shekara da na bukin cika kwana ɗari. Ka duba shafinka ka ga da'irori amma ba tauraro ko ɗaya. Kada ka ƙirƙiro. Ka faɗa wa edita gaskiya cewa sakin layi huɗu ya ishe shi. In kuma lallai ana son rahoto mai tsoka, hanyoyi biyu ne a gabanka. Ko dai ka ɗauki adadi mafi girma da ya ambata ka gwada shi da abin da ya faɗa bara a kan batun, ka ga ko sun yi daidai, ko kuma ka tsaya a bakin ƙofa lokacin fita ka jefa masa tambaya ɗaya daga cikin batutuwan da ka zo da su bai taɓa ba. Ka tsara tambayar tun kana zaune, gajera, wadda amsarta rana ce ko adadi: "Ranka ya daɗe, wace rana za a fara biyan sabon albashin?" Ka bar na'urarka a kunne har sai motarsa ta tashi.